Tambayoyinku kan waya da kwamfuta: lalitar da ake zuba wa kuɗi da wadda aka ɗaura wa kati

Assalamu alaikum Malam. Na sa lambar katin bankina a Play Store don in gwada wata manhajar koyon Turanci da aka ce kyauta ce kwana 7. Ban zuba ko dala a ciki ba, manhajar ma na goge ta tuni. Amma wata 3 ke nan ana cire mini wajen jika 6 daga asusun albashina, kuma kuɗin ba ya zama daidai, wani wata ya hau wani wata ya sauka. A Airtel Money in babu kuɗi ai ba a cirewa. Ta yaya ake ɗiba a inda ban zuba ba?
*Wani malamin makaranta, Garin Malam*

Wa alaikumus salam, Mushe. Kai da kake hana yara satar amsa, ga shi ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Gyara zama, don wannan wasiƙar kusan kowane mako sai irinta ta zo, sunan manhajar kawai ke canzawa.

Abu biyu ne ka haɗa wuri ɗaya don kawai dukansu a cikin waya suke. Bari mu fara da wanda ka saba da shi. Idan ka je wurin mai kiyos a Kasuwar Dole ka miƙa masa jika 20 ya yi maka depo a Airtel Money, ko Moov Money, ko Zamani Cash, takardun kuɗin nan ba sa zuwa ko'ina, a aljihun teburinsa suke kwana. Shi tun da farko ya biya kamfanin tsabar kuɗi, an rubuta masa daidai wannan adadin a nasa layin, abin da suke kira UV. Da ka ba shi jika 20, sai ya rage 20,000 daga nasa lissafin ya tura a naka. Ciniki ya ƙare a nan take. Yanzu kamfanin ne ke riƙe maka da sefa 20,000, kuma bisa dokar da BCEAO ta fitar a 2015, duk kuɗin waya da kamfani ya ba mutane dole ne a sami daidai shi na tsabar kuɗi a ajiye, a asusun da ba a gauraya shi da kuɗin gudanar da kamfanin ba. In daga banki ka turo ma haka ne: asusun banki ya ragu da jika 20 sau ɗaya, lalitar waya ta ƙaru da jika 20, kowa ya kama gabansa. Gobe lalitar ba za ta koma banki da kanta ta ƙaro ba, sai kai ka sake turawa da lambar sirrinka.

Saboda haka lalitar da ake zuba wa kuɗi tana da ƙasa. In kayan jika 25 kake son biya kuma jika 20 gare ka, sai waya ta ce maka `solde insuffisant`, shi ke nan. Ko ɗan damfara ne ya yaudare ka ka faɗa masa lambar sirri, ko wata hidima ce mai sabunta kanta ka shiga, abin da za su iya ci bai wuce abin da ke kwance a ciki ba.

Play Store ba haka yake aiki ba. Ba ka zuba komai ba, gaskiya ne, kuma ba a taɓa bukatar ka zuba ba. Ranar da ka rubuta lambobi 16 na gaban katin, da watan da zai ƙare, da lambobi 3 na bayansa, izini ka bayar. Kuɗinka suna nan a banki inda suke, lalitar tana riƙe da bayanan katin ne kawai, da amincewarka cewa duk lokacin da wani biya ya taso a je a ɗauko. Biyan yana tashi daga mai manhajar, ya bi ta hanyar Visa ko Mastercard, ya iso bankinka a nan gida, bankin ya duba ya ga akwai kuɗi, ya ce a biya. Duk wannan cikin ƴan daƙiƙoƙi ne, kana barci ko kana gaban allo. Na farko kamar ka auna wa yaro tiya 2 ta hatsi ne ka ce ya kai niƙa. Na biyu mabuɗin rumbun ka ba shi, ka ce ya riƙa ɗiba in bukata ta taso.

Abin da ke ba ni haushi shi ne kusan kowa katin albashi yake ɗaurawa, don shi ne kaɗai katin da ke aljihu. Iyakar abin da za a iya ɗauka a irin wannan lalitar ita ce duk abin da ke cikin asusun, ko rufin da banki ya sa wa katin na rana ko na mako. Kuma in asusunka irin wanda banki ya yarda ka ci bashi a kai ne kafin albashi ya shigo, to ko babu sisi ciki biyan zai iya wucewa, ka tashi da bashi da kuɗin ruwa a kansa saboda darasin Turancin da ba ka taɓa buɗewa ba.

Za ka ce ai banki yakan turo lamba ta saƙo kafin a cire kuɗi. Yakan turo, amma a biyan da kai ka tayar da hannunka. Ko da an nemi wannan lambar a karon farko, biyan wata-wata da ke biyo baya ɗan kasuwar ne ke tayar da shi bisa amincewar da ka riga ka bayar, don haka ba a sake tambayar ka. Kwana 7 na kyauta ɗin nan, a ƙasansa da ƙananan haruffa an rubuta cewa ranar ta 8 za a fara cira in ba ka soke ba. Goge manhaja kuwa hoton da ke fuskar wayarka kawai ya kawar. Yarjejeniyar tana maƙale da adireshinka na Gmail, ko wayar ka jefa a rijiya tana nan daram.

Hawa da saukar da kake gani kuma daga canji ne. Mu ɗauka kuɗin manhajar dala 9.99 ne na Amurka, kuma a ranar da aka cira dalar Amurka tana sefa 600. Ka ga 5,994 ke nan, sai abin da bankinka ke ɗorawa na biyan ƙetare. In wata mai zuwa ta sauko 580, sai ya zama 5,794. Da a ce da yuro ake lissafin, da tushen kuɗin bai motsa ba, don sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, wato yuro 9.99 kullum sefa 6,553 ne. Ka duba takardar bayanin asusunka, za ka ga sunan ɗan kasuwar da irin kuɗin da aka yi lissafi da su.

Ga yadda za ka tsai da shi, kuma ka bi tsarin kamar yadda na jera, kada ka fara da cire kati. Buɗe Play Store, taɓa hotonka da ke sama ta dama, shiga `Paiements et abonnements`, sannan `Abonnements`. Za ka ga manhajar da ranar da za a sake cira. Shiga cikinta ka soke, ka tabbata rubutun ya koma yana nuna ranar da za ta ƙare, ba ranar biya na gaba ba. In ka shiga ka ga wayam babu komai, to da wani Gmail ɗin ka yi rajistar, yawancinku kuna da 2 ko 3 a waya ɗaya, har da wanda mai gyaran waya ya buɗe muku. Canza zuwa ɗayan ka sake dubawa. In duk babu, to ba ta Play Store biyan ke bi ba, a shafin masu manhajar ka sa katin kai tsaye, can za ka shiga ka soke.

Bayan ka soke, sai ka koma `Modes de paiement`, ka bi ta ƙasa zuwa sauran saitin biya, ka cire katin. Dalilin da ya sa na ce soke tukuna: in ka cire kati alhali yarjejeniya na raye, ranar da ka sake ɗaura wani katin don wata bukata daban, ana iya ci gaba da cira daga sabon. Kuɗin wata 3 da suka wuce kuwa, kada ka sa rai sosai. Neman mayarwa ta Google ya fi tasiri cikin awa 48 na farko bayan cira, bayan nan sai dai ka rubuta wa masu manhajar, in sun ga dama. Kada kuma ka je banki ka ce sata aka yi maka, za su ga kai ka amince.

Shawarata, wadda masu bin wannan fili sun gaji da ji: katin albashi aikinsa injin cire kuɗi, ba intanet ba. Je banki ka nemi katin da ake loda wa kuɗi, wanda ba ya haɗe da babban asusunka, ka riƙa sa masa daidai abin da za ka saya da ɗan ƙari na canji, jika 7 don sayayyar jika 6. Shi za ka ɗaura wa kowace manhaja. Da haka ka mai da lalitar kati ta zama mai ƙasa kamar Airtel Money ɗin da ka yarda da ita. Ka tambayi kuɗin lodi da na riƙon katin kafin ka karɓa, don bankuna sun bambanta. Sannan ka ce a rufe biyan intanet a katin albashin, ko a rage rufinsa, kuma a kunna maka saƙon sanarwa na kowace cira. Wata 3 kafin ka lura, Mushe! Da ɗalibi ne ya yi wannan sakacin da ka sa shi sharar aji.

Malam, na kai jika 50 a sa mini a waya, mai kiyos ya ce ba shi da UV. Ga kuɗi a hannu, me ya hana? Ko raini ne?
*Wani mai sai da kayan miya, Zango*

Ba raini ba ne, Alhaji. Jika 50 ɗin da zai tura maka daga nasa lissafin za ta fita, kuma nasa ya ƙare. Masu depo ne suka yi masa yawa yau, ya tara takardu ya rasa na waya. Wanda masu cirewa suka yi wa yawa kuma akasin haka yake fama da shi, UV cike amma ba tsaba. Tsallaka na gaba, ko ka raba 30 a nan 20 a can. Kuma kada ka bar kuɗi ka ce in rezo ya dawo a tura maka. Tsaya sai saƙon kamfanin ya shigo wayarka, ka shiga ka duba lissafin da kanka, don saƙo ana iya ƙirƙirarsa, adadin da ke cikin asusun ba a iyawa.

Malam barka da aiki. Na sayi atamfofi a wani shafi da katin da na ɗaura wa manhajarsu, sai suka ce kayan sun ƙare, sun soke. Kwana 5 ke nan kuɗina jika 85 ba su dawo ba, a manhajar kuma an rubuta an mayar. Ina suka maƙale?
*Wata mai sana'ar ɗinki, Birni*

Hajiya, kina neman su a inda ba za su sauka ba. Manhajar ba ta riƙe kuɗi, don haka mayarwa ba ta tsayawa a cikinta, hanyar da kuɗin suka bi suka fita ita za su bi su koma, wato katin, wato asusunki na banki. Can za ki duba.

Biyan kati hawa biyu ne. Da kin danna saye, banki yana fara kange kuɗin ne: jika 85 sun ɓace daga abin da kike iya kashewa, amma ba a miƙa su ga mai kaya ba tukuna. Bayan kwana ɗaya ko fiye, mai kayan ya aiko da neman kuɗinsa, sannan a cire su da gaske. In an soke cinikin tun a hawa na farko, babu abin da za a mayar, kangiyar ce kawai za a sake, kuma ba za ki ga wani layi da ya ce kuɗi sun shigo ba, lissafin ne zai koma yadda yake. Mutane da yawa suna zaman jiran saƙon da ba zai zo ba alhali kuɗin sun daɗe da dawowa. In kuwa an riga an kai hawa na biyu, to sabon aike ne mai kayan zai yi zuwa katinki, shi ne ke ɗaukar kwanakin aiki da dama, Asabar da Lahadi ba sa ciki.

Ki nemi takardar bayanin asusu daga ranar sayen zuwa yau. In babu layin jika 85 ko kaɗan a cikin abubuwan da aka kammala, kangiya ce, ki tambayi banki ranar da za ta sauka. In akwai layin fita babu na shiga, ki nemi masu shafin su ba ki lambar shaidar mayarwar, ki kai wa banki su bi sawu. In da wani kuɗin ƙetare aka yi cinikin, kada ki yi mamaki in abin da ya dawo ya gaza da dala ɗari ko jika, canjin ranar saye da na ranar mayarwa ba ɗaya ba ne.

A nan kati ya fi lalitar waya, in faɗi gaskiya duk da ƙorafina a kansa. In mai kaya ya karɓi kuɗi ya ƙi aiko kaya, ya kuma ƙi mayarwa, kina da damar shigar da ƙara a bankinki su janyo kuɗin ta hanyar Visa ko Mastercard, matuƙar kin yi da wuri kuma kina da shaida. Da ta lalitar waya kika tura wa wani mai talla a WhatsApp, ke kika tura da hannunki da lambar sirrinki, in ya riga ya je kiyos ya cire, kamfanin ba shi da abin da zai kamo. Ki ajiye hoton saƙon sokewar.

An sace wayata a tasha. Akwai jika 120 a Moov Money, kuma katina na ɗaure da manhaja biyu. Wanne zan fara rufewa?
*Wani ɗalibi, Jami'ar André Salifou*

Ƙanena, layin za ka fara rufewa, a wayar abokinka, yanzu. Jika 120 ɗinka ba a cikin wayar suke ba, suna rumbun bayanan kamfanin, kuma sai da layin da lambar sirri ake taɓa su. Amma layin nan shi ne kuma inda banki ke turo lambar tabbatar da biyan kati, don haka rufe shi ya toshe ƙofa biyu. Na biyu, kira banki a dakatar da katin, domin manhajar da ta riga ta adana kati sau da yawa taɓawa ɗaya take bukata. Na uku, shiga Gmail ɗinka a wata na'ura ka canza kalmar sirri, ka fitar da wayar da aka sace. Daga baya ka je ofishin kamfanin da katin shaidarka a sake maka layin da lambarka, za ka tarar da kuɗinka. Sai dai in layin da sunan yayanka aka yi rajista, to tare za ku je. In kuma lambar sirrinka shekarar haihuwarka ce, ka ƙara sauri.

Ina zuwa Kano saro kaya. Can na buɗe OPay suka ba ni kati. Shi ma irin lalitar da aka ɗaura wa kati ce?
*Wani ɗan kasuwa, Matameye*

A'a Alhaji, juye take. A wancan, lalita ce ke sha daga kati. A naka, kati ne ke sha daga lalita: kuɗin suna cikin asusun OPay, katin hanya ce kawai ta cire su a inji ko biya a shago. In asusun ba komai, katin roba ce. Ta wannan fuskar yana cikin dangin waɗanda ake zuba wa kuɗi. Sai dai naira ce a ciki, ƙarƙashin dokokin Babban Bankin Najeriya, ba ruwanta da sefar da ke layinka na gida. In ka bar ribar tafiya ta kwana ciki wata 2, duk motsin da naira ta yi a kanka yake.

Na sayar da shanu, ina da miliyan 3 da rabi. In zuba su duka a waya ya fi in kai banki?
*Wani makiyayi, Tanut*

Ba za su ma shiga ba, Baba. A ƙa'idar BCEAO, asusun waya na wanda aka tantance da takardar shaida ba ya riƙe fiye da sefa miliyan 2 a lokaci guda, kuma kuɗin da ke kwance ciki ba sa haifar da komai. Ga kuɗin cirewa da za ka biya duk lokacin da ka je kiyos, ga wahalar samun mai kiyos a ƙauye da ke da tsabar jika 500 a teburinsa ranar da ba ta kasuwa ba. Kai babban kason banki, ka riƙa turo jika 100 ko 200 zuwa waya gwargwadon bukata. In sun ba ka kati, ka riƙe shi a wurinka, kada wani jika ya ce ara mini in ɗaura wa wayata sau ɗaya kawai.